Cakulan da aka rubuta ma "babu sukari" ya kusa sa Goggona ta daina shan maganinta

Akwai wani abu da na daɗe ina gani a gidajenmu nan Makka, musamman idan an zo gaishe da dattijo mai ciwon suga. Mutum zai tsaya a saidaliyya, wato kantin magani, ko babban kanti ya sayo kwalin cakulan ko alawa mai rubutun "hali minas sukkar" a gaba, wato babu sukari, ya biya kuɗi kusan ninki biyu na wanda aka saba, ya kawo da zuciya ɗaya yana ganin ya kyauta. Amma wannan mutumin idan ya ga dattijon riƙe da gwangwanin lemon dayet sai ya ce haba Baba ajiye wannan, ai an ce cutar kansa yake sa wa. Ni a ganina mun juya abin ne, mun ɗora tsoro a inda bai kai haka ba, mun kuma saki jiki a inda ya kamata mu buɗe ido. Laifin kuwa ba namu ba ne mu kaɗai, wannan rubutun na gaban kwali yana da kaso mai tsoka.

Goggona ce ta sa na shiga bin diddigin maganar. Tana zaune can wajen Hindawiyya, ta haura sittin, ciwon suga ya kai shekara tara a jikinta, tana shan metfomin safe da dare kuma wallahi mace ce mai kiyayewa, shayinta ma tuni ta daina sa masa sukari. Bayan ƙaramar sallah sai ta fara korafin ciki, kumburi da kugi da iska, wani lokaci gudawa kamar ruwa. Abin da ya fi damunta ma ba ciwon ba ne, alwala ce, don ita kusan kullum sai ta je Harami tsakanin Magariba da Isha, kuma duk wanda ya san nisan banɗaki daga cikin masallaci ya san me ake nufi idan aka ce tsohuwa alwalarta ba ta riƙo. Ta kai har ta daina zuwa. Da na je gaishe ta na tarar ta yanke hukunci, ta ce min ɗan nan maganin sugan nan ne ya lalata min ciki, na ajiye shi tun shekaranjiya.

Kuma ba za ka ce mata ƙarya take ba, domin metfomin an san shi da taɓa ciki, sai dai yawanci a makonnin farko ne ko idan an ƙara yawansa, ita kuwa shekara tara tana sha lafiya lau. Ina zaune ta jawo tiren gahawa, a gefen fulas ɗin ga dogon cakulan an ɓare rabi, ta ɓallo ta miƙo min tana cewa ci ɗan nan, wannan na masu suga ne, ɗiyar ƙanwata ta kawo min kwali guda da sallah. Na tambaye ta nawa take ci a rana ta ce wani lokaci rabi, wani lokaci idan baƙi sun zo ana hira sai ta ga sanda guda ta ƙare, ai ba sukari a ciki.

Na juya bayan takardar. A kowane giram 100, wanda shi ne nauyin sandar gaba ɗaya, an rubuta kabohaidiret giram 50, daga ciki sukari bai kai giram 1 ba, sannan a ƙasa da ƙananan haruffa akwai wani layi da Larabci ya kira "kuhul sukkari", giram 42. A jerin kayan haɗi kuwa abu na farko shi ne maltitol, kuma ƙa'idar jerin nan ita ce abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa. Can ƙarshe, inda sai ka matso da takardar kusa da ido, an ce yawan cinsa na iya sa gudawa.

Kafin na ci gaba, don na san wani zai tsaya a kan kalmar kuhul, wadda a Larabci ake kiran sinadarin giya da ita, wannan ba giya ba ce kuma ba ya sa maye ko ka ci buhu. Suna ne kawai da masu ilimin sinadarai suka ba shi saboda yanayin ginin ƙwayarsa, irinsa ma yana cikin tuffa tun daga bishiya. Goggo da na karanta mata sai da ta yi salati ta ture tiren, na sha fama kafin ta yarda ba haram aka ciyar da ita ba.

Abin da na so kowa ya gane shi ne, abubuwa biyu ne mabambanta ake sa musu riga ɗaya ta "babu sukari". Na cikin lemon gwangwani daban, na cikin cakulan da alawa da biskit da cingam daban, kuma dalilin bambancin mai sauƙi ne. A gwangwanin lemo na yau da kullum mai mililita 330 akwai sukari kusan giram 35, idan ka cire shi ruwa ne zai cike gurbin, abin da kake nema kawai ɗanɗano. Sai a kawo irin su asfatam da ya fi sukari zaƙi kusan sau 200, ko sukralos da ya kai wajen sau 600, a sa ɗan mitsitsi da bai kai rabin giram ba, shi kenan. Amma cakulan fa kusan rabin jikinsa sukari ne, idan ka cire sukarin ka ɗiga asfatam me zai riƙe sandar? Dole a samo wani abu mai nauyi da jiki irin na sukari a zuba da yawa, shi ne ake kawo maltitol da sobitol da zailitol da danginsu, su ne ake kira kuhul sukkari. Kaga na farko ana shan sa a miligiram, na biyu kuwa ana cin sa a giram goma goma, to ta yaya za a ce aikinsu a jiki ɗaya ne.

Maltitol ɗin da ke cikin cakulan Goggo, asalinsa gulukos ne aka ɗaure da sobitol. Idan ya isa ƙaramin hanji jiki yana kwance ɗaurin amma a hankali kuma ba duka ba, gulukos ɗin da ya kwance ya shiga jini kamar kowane gulukos, wato yana ɗaga suga, bai dai kai sukarin gaske sauri da yawa ba. A ma'aunin da ake gwada yadda abinci ke ɗaga sugan jini, wanda gulukos ke da 100, sukarin shayi yana wajen 65, garin maltitol yana wajen 35, ruwan maltitol mai kauri da ake sa wa alawa mai taushi kuwa yana kai wa 50 da ɗoriya. To 35 ba sifiri ba ne. Masu koyar da cin abinci ga masu suga suna da wani lissafi na kusa kusa, ka raba giram ɗin kuhul sukkari biyu ka cire rabin daga jimlar kabohaidiret. Na yi wa Goggo a gabanta, rabin 42 shi ne 21, a cire daga 50 saura 29. Wato sandar nan da take cinyewa ana hira tana ba ta kusan abin da yankan burodi biyu zai ba ta, ga kuma mai, don man koko yana nan daram ba a rage ba, shi ya sa kalori ɗin sandar da kaɗan ya gaza na cakulan da aka saba.

Sauran rabin da bai shiga jini ba kuwa ba ɓacewa yake ba, shi ne ya hana Goggo Harami. Yana gangarawa babban hanji yadda yake, kuma yana da halin jawo ruwa, duk inda ya taru sai ya tsotso ruwa daga bangon hanji zuwa ciki, bayan gida ya tsinke. Sannan ƙwayoyin da ke zaune a babban hanji, waɗanda kowa ke da su, sai su samu abinci su hau kansa su ruɓar da shi, daga nan iska take fitowa da kugi da kumburi. Ba guba ba ce kuma ba lalacewa kayan suka yi ba, haka yake aiki, sobitol ma likitoci suna ba da shi takanas a matsayin maganin taurin bayan gida. Sobitol giram 10 a tashi ɗaya ya isa ya kumbura wa wasu ciki, giram 20 kuwa mutane da yawa sai murɗa da gudawa. Maltitol ciki ya fi jure masa, amma idan aka kai giram 30 zuwa 40 a zama ɗaya yakan fara taɓa wa wasu ciki, yara kuwa da ƙasa da haka sosai saboda ƙanƙantar jikinsu. Goggo tana cin 42.

Wani zai ce ai gudawa ce kawai, kwana ɗaya ta wuce. A shekarar 2008 wasu likitoci a birnin Balin na Jamus sun wallafa labarin marasa lafiya biyu a mujallar likitocin Birtaniya. Ɗaya budurwa ce 'yar shekara 21 da ta yi wata takwas tana gudawa ta rame kilo 11, ɗayan namiji ɗan shekara 46 da ya zubar da kilo 22 cikin shekara, an yi musu gwaje gwaje iri iri ba a ga komai ba, sai da aka tambaye su abin da suke ci aka gano cingam da alawa marasa sukari ne, ita tana samun sobitol kusan giram 20 a rana, shi kusan 30. Suna dainawa gudawar ta tsaya. Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne su kansu ba su taɓa kawo cingam a ransu ba, don wa zai lissafa cingam a cikin abinci. Haka Goggo ba ta lissafa cakulanta ba, ta ɗora wa maganin da ke riƙe da lafiyarta.

Gane irin wannan gudawar ba wuya idan ka san ta. Tana zuwa 'yan awoyi bayan an ci, da iska mai yawa, babu zazzaɓi babu jini, kuma idan aka daina cin abin kwana ɗaya zuwa biyu sai ta ɗauke. Abin da muka yi kenan. Na roƙe ta ta koma shan maganinta a daren, na ɗauke kwalin na kai ɗakin waje, na ce Goggo ki ba ni kwana uku, idan cikin bai lafa ba ni da kaina zan kai ki wajen likita ya canza miki magani. Kwana biyu ta kira ni ta ce ciki ya kwanta. Bayan mako na dawo da sandar muka gwada da na'urarta, don ina so ta gani da idonta ba ta ji daga bakina ba. Da la'asar kafin ta ci suganta 128, ta ci rabin sanda da gahawa ba dabino, bayan awa biyu ya nuna 171. Ta daɗe tana kallon lambar sannan ta ce to ai ba su faɗi gaskiya ba.

A nan ne nake da magana. A takarda sun faɗi gaskiya, don maltitol a doka ba a kiran sa sukari, kuma sun rubuta adadinsa da gargaɗin a baya. A Turai doka ce duk abincin da irin wannan ya wuce kashi 10 cikin ɗari sai an sa gargaɗin gudawa, shi ya sa kake ganinsa a kayan da aka shigo da su. Amma gaskiyar da aka rubuta da manyan haruffa a gaba, aka ɓoye sharaɗinta a baya da haruffan da mai shekara sittin ba ya gani ko da tabarau, ni ban ɗauke ta cikakkiyar gaskiya ba. Waye ke sayen kayan nan? Masu suga ne da 'ya'yansu, da alhazai masu neman tsarabar da za su kai wa tsoho a gida, da yawansu ba sa karanta Larabci ko Turanci, abin da suka riƙe kawai mai shago ya ce musu wannan na masu suga ne. Ƙasar nan ta nuna tana iya tsayawa kan irin wannan idan ta so, a 2017 aka ɗora harajin kashi 50 cikin ɗari kan lemon gas da kashi 100 kan lemon ƙara kuzari, kuma yau ko gidan cin abinci ka shiga za ka ga kalori a rubuce gefen kowane abinci. To me zai hana hukumar abinci da magunguna ta ce duk wanda ya rubuta "babu sukari" a gaba dole ya rubuta kusa da shi, da haruffa masu girma ɗaya, giram nawa na kuhul sukkari ke ciki da cewa yana ɗaga suga? Kuma ajiye su a kantar saidaliyya kusa da na'urar awon suga da tsinken gwaji, wannan ma ni ina ganin bai dace ba, domin duk abin da mutanenmu suka gani a saidaliyya magani suke ɗaukarsa.

Lemon dayet kuma, wanda ake ta yawo da saƙon cewa yana sa cutar kansa a guruf guruf. Asalin maganar a watan Yulin 2023 ne, cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa asfatam a rukunin 2B, rukunin abubuwan da akwai ɗan zargi a kansu amma hujjar ba ta yi ƙarfi ba. A rana ɗaya wani kwamitin na hukumar mai duba abubuwan da ake ƙara wa abinci ya ce bai ga dalilin sauya iyakar da aka sa tun da ba, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin mutum a rana. Masu tura saƙo rabin farko suka ɗauka suka bar na biyu. Mai kilo 60 iyakarsa miligiram 2400 kenan, gwangwani ɗaya kuwa yana ɗauke da 200 zuwa 300, sai ya sha takwas zuwa sha biyu kullum kafin ya taɓa layin. A ciki asfatam narkewa yake ya koma abubuwan da jiki ya saba samu daga nama da madara da 'ya'yan itace, ba ya kuma ɗaga sugan jini. Waɗanda aka hana shi kwata kwata su ne masu wata cuta ta gado da ba ta da yawa, wadda jiki ba ya iya sarrafa fenilalanin, ɗaya daga cikin abubuwan da asfatam ke komawa a ciki, don su ne ake rubuta sunan a jikin gwangwani.

Ba wai ina tallata shi ba ne. Hukumar dai a watan Mayun 2023 ta ba da shawarar kada a dogara da irin waɗannan masu zaƙin don rage ƙiba, saboda a dogon lokaci ba a ga suna rage kitse ba, ko da yake ta ce shawarar ba ta haɗa da waɗanda suka riga suka kamu da ciwon suga ba. Kuma tsamin da ke cikin lemon gas yana cin haƙori ko da sukari ko babu. Amma direban da ke shan bibsi gwangwani uku kullum a zafin Makka, sukari sama da giram 100 kenan a rana daga lemo kaɗai, idan ya koma dayet ka tsorata shi da cutar kansa ya dawo wa na da, wallahi ka cuce shi. Ruwa da laban, wato nono, sun fi, kowa ya sani, sai dai tsakanin gwangwanayen nan biyu ga mai suga babu ma abin gardama.

Wuri ɗaya ne lemon dayet yake zama haɗari na gaske, kuma shi ne ba a turawa a guruf. Mai allurar insulin ko mai shan ƙwayoyin da ke sa suga faɗuwa, idan ya fara rawar jiki da gumi da jiri, na'ura ta nuna ƙasa da 70, sukarin gaske yake buƙata nan take, kamar giram 15, rabin kofin lemon da aka saba ko babban cokali ɗaya na sukari ko zuma ko dabino biyu uku, a sake aunawa bayan minti 15. Idan a ruɗe aka ɗauko masa dayet daga firij ba a ba shi komai ba, cakulan irin na Goggo ma ya yi jinkiri da yawa ga mai a ciki. A gidan da aka kori duk wani mai sukari saboda Baba, wannan kuskuren yana da sauƙin faruwa, balle a azumi ko lokacin aikin Hajji da dattijai ke doguwar tafiya ba su ci ba.

Yanzu idan zan saya wa wani irin kayan nan bayan takarda nake fara juyawa. Ina neman sunayen da suka ƙare da "tol", ko lambobinsu, E420 sobitol ne, E965 maltitol, E967 zailitol, E968 eritiritol. Shi na ƙarshen ya bambanta da 'yan uwansa, yawancinsa yana shiga jini ya fita ta fitsari yadda ya shiga, don haka ba ya ɗaga suga kuma bai cika tayar da ciki ba, shi ne ma ake cika da yawa daga fakitin sitibiya, mai zaƙin da ake sa wa shayi maimakon sukari, da shi. Sai dai a 2023 masu bincike a Kilibland ta Amurka sun danganta yawansa a jini da saurin daskarewar jini, magana ce da ba a gama tantancewa ba, amma mai ciwon zuciya ni ba zan cika masa kofi da shi ba. Cingam ɗaya ko biyu bayan abinci ba komai, yana ma taimakon haƙori don ƙwayoyin baki ba sa iya mayar da shi tsami yadda suke yi wa sukari, matsalar sai an mai da fakiti guda abin taunawa daga safe zuwa dare.

Goggo ta koma Harami. Sauran kwalin ba ta zubar ba, ta ce almubazzaranci ne, tana ɓallar gida biyu da gahawar la'asar, wajen giram 15 kenan, kuma ta sa na rubuta mata lambar 42 da babban alƙalami a jikin murfin. Ranar da ɗiyar ƙanwar tata ta sake zuwa da wani kwalin, Goggo ta karɓa ta sa albarka, sannan ta miƙa mata tabaranta ta ce juya bayan ki karanta min layin kuhul ɗin nan tukuna.